Hanyoyi huɗu na gyara layukan CV don su nuna sakamako: wacce ta dace da kai?

Duk lokacin da wata ƙungiyar agaji ko kamfani suka buga tallan neman mai kula da mangaza a Marwa, Garwa ko Kuseri, takardun da ke taruwa a kan tebur kusan duk fuskarsu ɗaya. A ƙarƙashin kowane aiki da mutum ya yi sai ka ga layuka uku ko huɗu: « Gestion du stock », « Réception des marchandises », « Tenue des fiches ». Babu ƙarya a ciki, amma kuma babu abin da suka faɗa game da mai takardar. Wanda ya riƙe mangaza shekara uku ba a taɓa neman buhu an rasa ba, da wanda aka sallama bayan wata huɗu saboda kaya na ta salwanta, duk za su iya rubuta waɗannan layukan ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba. Mai tantance takardu ya riga ya san abin da mai kula da mangaza ke yi, shi ne ma ya rubuta tallan. Abin da yake nema shi ne abin da ya canza a wurin saboda zamanka.

Yawancin takardunmu a Kamaru da Cadi da Faransanci ake rubuta su, kuma salon da aka saba a CV na Faransanci shi ne a fara layi da sunan aikin kawai a tsaya. Wannan sabon ne ke jan hannun mutum zuwa jera ayyuka ko da yana da abin faɗa. Waɗanda suka gane matsalar kuma sukan tsaya cikin ruɗani: wani ya ce musu su cika takardar da alƙaluma, wani ya ce su ba da labarin matsalar da suka warware, wani ya ce su kai wa mai kwamfuta ya gyara musu kawai. Hanyoyin nan duk suna aiki, amma ba ga kowa ba, kuma abin da ke raba gardama shi ne irin shaidar da ke hannunka.

Ma'aunan da za a duba

Na farko shi ne tsada, wato kuɗi da lokaci. Wasu hanyoyin ba sa cin ko dala, amma suna cin kwanaki.

Na biyu ɗorewa, kuma shi ne ya fi nauyi a wurina. Layin CV ba a kan takarda kaɗai yake rayuwa ba. Zai je ɗakin ganawa, inda za a ce maka « yi mana bayani », sannan wataƙila a buga wa tsohon maigidanka waya. Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ce takardar shaidar aiki da ake ba ma'aikaci idan zai tafi tana ɗauke ne kawai da ranar shigarsa, ranar fitarsa, da muƙaman da ya riƙe da lokutansu. Ke nan ba za ta tabbatar maka da wani sakamako ba. Duk abin da ka rubuta na nasara, kai ne za ka kare shi da bakinka da takardunka, ko da shaidar wanda ka yi wa aiki. Ɗorewa ta kuma haɗa da ko layin zai sake yi maka amfani idan ka nemi wani aikin daban.

Na uku sauƙi: shin mutum zai iya yi shi kaɗai? Na huɗu haɗari: ta ina abin ke iya juyowa ya cuce ka.

Don kada maganar ta tsaya a iska, zan auna hanyoyin da takardar wani ɗan yayata. Ya yi shekara uku yana kula da mangazar wani ɗan kasuwa mai sayar da shinkafa, sukari da fulawa a sari a Garwa, sannan ya ga tallan wata ƙungiya mai neman mai kula da ɗakin ajiyar abinci a Marwa. Takardarsa ta farko tana ɗauke da layuka ukun nan da na ambata, ba ƙari.

Hanya ta farko: adadi, da da yanzu

A nan layin yana faɗin abubuwa uku: abin da ya canza, daga nawa zuwa nawa, da abin da ka yi har ya canza. Ba ta cin kuɗi, amma ita ce ta fi cin lokaci, domin adadin ba a kanka yake ba, yana cikin littattafai. Mai kula da mangaza zai duba katin kaya, takardun fitar da kaya da rahoton ƙidaya. Malamin firamare zai duba yawan ɗaliban da ya gabatar a jarrabawar CEP da yawan da suka ci. Ma'aikaciyar asibiti za ta duba rajista da rahoton wata-wata. Idan ka riga ka bar wurin, sai ka koma ka nemi izini.

Ɗan yayata ya koma wurin tsohon maigidansa ya ce, « Alhaji, ina neman alfarma in duba littafin ƙidaya, zan nemi aiki a Marwa. » Alhaji ya sa aka ɗauko masa manyan littattafai biyu masu baƙin bango, gefen ɗaya ma ya sha ruwan damina har tawadar ta bazu. A ciki ya tarar cewa kimanin buhu 24,000 ne ke ratsa mangazar a shekara. A shekararsa ta farko an yi asarar buhu 360, a ta biyu 120. Yana ganin haka ya rubuta cewa ya rage asara da kashi 67 cikin ɗari. Lissafin daidai ne, domin 240 cikin 360 kashi biyu ne cikin uku.

Amma da muka zauna na tambaye shi, « Yaro, me ka yi da hannunka har asarar ta ragu? » Ya ce ya hana fitar da ko buhu ɗaya sai da takarda mai sa hannu, kuma ya mayar da ƙidaya duk ranar Asabar maimakon jiran ƙarshen wata uku. Na ce, « Ba wani abin da ya canza a shekarar? » Ya yi shiru, sannan ya ce, « Kawu, Alhaji ya sauya kwanon rufin kafin damina. » To, a nan gizo ke saƙar. Da aka rarraba asarar, sai aka ga iri biyu ce. Buhunan da ruwa ya lalata sun sauko daga 210 zuwa 85, kuma wannan yawanci aikin sabon rufi ne. Buhunan da ake nema a rasa sun sauko daga 150 zuwa 35, kuma wannan aikinsa ne tsantsa. Da ya bar kashi 67 ɗin, mai ganawa da ya san aikin mangaza zai iya gano maganar rufin da tambaya biyu, ko Alhaji ya faɗe ta a waya da zuciya ɗaya. Layin da ya shiga takardar shi ne:

« Écarts d'inventaire ramenés de 150 à 35 sacs par an (sur environ 24 000) grâce au bon de sortie signé et au comptage hebdomadaire »

Wato giɓin ƙidaya ya sauko daga buhu 150 zuwa 35 a shekara, cikin kimanin 24,000, ta hanyar takardar fita mai sa hannu da ƙidayar mako-mako. Yawan buhunan da ya ce ya rage bai kai na farko ba, amma babu inda za a taɓa adadin ya girgiza.

Na fi son a rubuta ainihin lambobin biyu maimakon kashi cikin ɗari. Kashi yana ɓoye girman abu: wanda ya rage asara daga buhu 4 zuwa 2 shi ma zai ce kashi 50. Yana kuma jawo ruɗani. Asarar mangazar nan ta sauko daga kashi 1.5 na kayan zuwa kashi 0.5, don haka wani zai rubuta ragin kashi 1, wani ya rubuta kashi 67, kuma kowa yana da hujjarsa. Lambobi biyu da jimillar da aka ciro su ba sa barin wannan kafar. Haka malami: ɗalibai 31 cikin 42 sun ci CEP, alhali a shekarar da ta gabata 22 ne cikin 40, ya fi a ce an samu ƙarin kashi kaza.

Ta fuskar ɗorewa babu wadda ta kai wannan hanya idan adadin na gaskiya ne. Layin zai yi shekaru yana aiki, kuma ana gane shi ko da an juya takardar zuwa Turanci ko Larabci. Haɗarinta kuwa uku ne. Akwai jarabar ƙirƙiro adadi idan ba a samu littafi ba. Akwai ɗaukar nasarar da ba taka ba, kamar maganar rufin nan. Akwai kuma tona asirin maigida: yawan buhu ba ya cutar da kowa, amma rubuta cinikin Alhaji na shekara da sefa a takardar da za ta zaga ofisoshi cin amana ne, kuma mai ɗaukar aiki mai hankali zai yi tunanin nasa asirin ma haka za ka yi da shi. Idan adadin ƙiyasi ne, sa « environ » a gabansa, kuma ka tabbata za ka iya bayyana yadda ka ƙiyasta, misali mota huɗu a wata, kowacce buhu 500.

Hanya ta biyu: matsala, mataki, sakamako

Wannan ta wanda ya gyara wani abu ne a wurin aiki, kowa ya gani, amma ba a rubuta shi a littafi ba. Layin yana nuna yadda abin yake a da, abin da ka yi, da yadda ya koma. Ba ta cin kuɗi, kuma lokacinta bai kai na farko ba: zama ɗaya ko biyu da wanda zai yi maka tambayoyi sun isa. Wahalarta ita ce mutum ba ya ganin aikinsa a matsayin nasara, ya ɗauke shi abin yau da kullum. Tambayoyin da ke tono shi su ne: me ake yawan faɗa a kai lokacin da ka zo, aka daina kafin ka tafi? Wane tsari ka kawo da har yanzu ake bi? Me maigida ya daina bibiya saboda ya san kana nan?

Ga ɗan yayata amsar ita ce sauke kaya. Manyan motocin da ke tasowa daga Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, sukan iso da safe su yini a ƙofar mangaza, domin sai motar ta tsaya ake fara neman inda za a jera kayan. Direbobi na ta ƙorafi. Shi sai ya riƙa kiran direba tun ana gobe, ya share wurin da yamma, ya raba 'yan dako gida biyu, wasu na saukewa wasu na jerawa. Daga nan mota ba ta kai azahar a ƙofa. Babu littafin da ya rubuta awannin nan, amma direbobi da 'yan dako da Alhaji duk sun shaida. Ya rubuta:

« Déchargement réorganisé (emplacement préparé la veille, deux équipes) : camions libérés avant midi au lieu du soir »

Babban amfanin wannan hanya shi ne tana shirya ka tun kafin ganawa. Ƙungiyoyin agaji da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun saba yin tambayoyi irin su « ba mu labarin wata matsala da ka fuskanta da yadda ka warware ta ». Wanda ya rubuta layinsa ta wannan tsari ya riga ya tanadi amsar, abin da ya rage ya faɗaɗa ta. Ta nan tana da ɗorewa sosai. Inda take da rauni shi ne idan aikin da kake nema ya yi nisa da matsalar da ka warware: labarin sauke motoci zai burge mai neman ma'aikacin mangaza, amma ba zai ce komai ga mai neman akawun kuɗi ba, sai an sake zaɓen wani labarin.

Haɗarinta na farko tsawo ne. Mutum yakan so ya ba da labarin duka, sai layi ya koma sakin layi. Idan ya wuce layi biyu a shafi, yanke shi, ka ajiye sauran sai ranar ganawa. Na biyu shi ne zagin wurin da ka baro. Idan ka rubuta cewa ka tarar da mangaza a hargitse babu tsari, mai karatu zai ji kana ɓata maigidanka, shi kuma maigidan idan aka kira shi ba zai ji daɗi ba. Faɗi abin da ake iya gani, kamar mota na yini a ƙofa, kada ka yanke wa kowa hukunci. Na uku ya shafi tarbiyyarmu: an koya mana mu ce « mun yi », kuma ɗabi'a ce mai kyau, amma mai ɗaukar aiki mutum ɗaya zai ɗauka. Idan aikin haɗin gwiwa ne, faɗi haka, sannan ka ware naka kason: kai ne ka tsara, ko ka horar, ko ka bibiyi lissafi.

Hanya ta uku: girman aiki da amana

Akwai ayyukan da nasararsu ita ce kada komai ya faru. Mai riƙe akwatin kuɗi, direba, mai gadi, sakatariya: idan sun yi aikinsu da kyau, babu labari. Wanda ya tilasta wa kansa neman « da da yanzu » a irin wannan aiki zai ƙare da ƙirƙira. Abin da ya fi masa shi ne ya nuna nauyin da ya ɗauka, tsawon lokacin, da alamar cewa an yarda da shi. Direba zai rubuta hanyoyin da ya bi, misali Garwa zuwa Marwa da Marwa zuwa Kuseri, irin motar, da cewa ya yi shekara huɗu ba haɗari, idan haka ne. Mai akwatin kuɗi za ta rubuta « Caisse tenue pendant 3 ans sans écart constaté », wato shekara uku ba a samu giɓi a akwatinta ba. Ƙarin girma, sabunta kwantiragi, ba ka makulli, sa ka horar da sababbi, duk alamun amana ne da ake iya tabbatarwa.

Ita ce mafi sauƙi da arha, awa ɗaya ta isa. Tana da ɗorewa domin da wuya a musanta ta, kuma ƙarin girma ma yana fitowa a takardar shaidar aiki. Sai dai ba ta da ƙarfin biyun farko, domin tana nuna girman abin da aka damƙa maka ne, ba lallai abin da ka ƙara ba. Haɗarinta ɗaya ne amma mai kaifi: kalmomi irin su « ba a taɓa » da « ko sau ɗaya ». Idan an taɓa samun giɓin sefa 5,000 wata rana ka biya daga aljihunka, kada ka rubuta cewa ba a taɓa samu ba.

Hanya ta huɗu: ba wa wani ya gyara

Da yawa nan suke fara zuwa, kuma ban ga laifinsu ba, domin ba kowa ke da kwamfuta ko Faransancin rubutu mai ƙarfi ba. Amma masu gyaran iri-iri ne. Mai buga takardu a shagon kwamfuta yana karɓar 'yan ɗaruruwan sefa a shafi, kuma aikinsa bugawa da tsara shafi ne. Masu tallan kansu a matsayin ƙwararrun rubuta CV sukan nemi dubbai. Akwai kuma ofisoshin gwamnati: a Kamaru hukumar samar da aikin yi ta FNE, da aka kafa a 1990, tana da ofisoshi a Garwa, Marwa da Ngaundere, kuma tana ba masu neman aiki shawara da horon dabarun neman aiki ba tare da biyan kuɗi ba. A Cadi hukumar ONAPE ce ke kula da sha'anin masu neman aiki.

Ita ce mafi sauƙi a gare ka, amma ta fi kowacce haɗari idan aka faɗa hannun da bai dace ba. Mai gyara ba ya wurin lokacin da kake aiki, bai san buhu 150 ko 35 ba. Idan bai tambaye ka ba, abu biyu ne kawai zai iya yi: ya ƙawata jerin ayyukanka da manyan kalmomi, ko ya ɗauko takardar wani da ke cikin kwamfutarsa ya sauya suna. Ta haka ake samun takardu daga gari ɗaya masu ɗauke da jimla iri ɗaya, kowa ya ƙara ciniki da kashi 30. Irin wannan layi kamar aron babbar riga ne ranar salla: daga nesa ta yi kyau, amma mai ita yana iya ganin ta a jikinka. A ɗakin ganawa tambaya ɗaya ce ke warware shi: « Daga nawa zuwa nawa? »

Gane mai gyara na ƙwarai ba wuya. Zai nemi ganin tallan aikin da kake nema. Zai ɗauki lokaci yana yi maka irin tambayoyin da na lissafa a sama. Idan ka ce ba ka da adadi, ba zai ce « bari in sa maka » ba. Wanda ya karɓi tsohuwar takardarka ya ce ka dawo bayan la'asar ba tare da tambaya ko ɗaya ba, bugawa kawai zai yi, don haka kada ka biya shi kuɗin ƙwararre. Ko wa ya yi maka, karɓi fayil ɗin Word ban da PDF, domin ka iya sauya layuka idan wani tallan ya fito. Ka kuma tsaya a goge takardarka daga kwamfutar shagon, tunda tana ɗauke da lambar wayarka da ranar haihuwarka, kuma tana iya zama abin da za a kwafa wa na bayanka.

| Hanya | Tsada | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Adadi, da da yanzu | Ba kuɗi, kwanaki na bincike | Mafi ƙarfi idan akwai littafi | Da wuya | Ƙirƙira, ɗaukar nasarar wani, tona asiri |
| Matsala, mataki, sakamako | Ba kuɗi, zama ɗaya ko biyu | Ƙarfi a ganawa, ana sauya ta bisa aiki | Tsaka-tsaki | Tsawo, ɓata tsohon wurin aiki |
| Girman aiki da amana | Ba kuɗi, awa ɗaya | Da wuya a musanta, amma ba ta da kaifi | Mai sauƙi | Cewa « ba a taɓa » alhali an taɓa |
| Ba wa wani | Kyauta, ɗaruruwa ko dubban sefa | Ya danganta da tambayoyin da ya yi | Mafi sauƙi | Layin aro da ba za ka iya karewa ba |

Ba dole takarda ɗaya ta tsaya kan hanya ɗaya ba. Layuka uku zuwa biyar sun isa ga aikin da ka yi na baya-bayan nan, tsofaffin ayyuka kuma ɗaya ko biyu. Ɗan yayata ya sa layin giɓin ƙidaya a sama, domin tallan ya ambaci ƙidaya da rahoto tun a farkonsa. Layin sauke motoci ya biyo baya. Na uku ya faɗi cewa shi ke riƙe makullan mangaza biyu kuma yana kula da 'yan dako takwas. Ya bar layi ɗaya na aiki tsantsa, inda ya ambaci « fiches de stock » da Excel, domin tallan ya nemi su da sunansu, kuma mai tantancewa yakan bi takarda yana neman kalmomin tallan. Don haka kada a share jerin ayyuka gaba ɗaya: abin da aka nema da suna, a bar shi ya fito da sunansa, ko a saƙa shi cikin layin sakamako.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Idan aikinka na ƙidaya ne, kamar mangaza, sayarwa, koyarwa, rabon kayan agaji ko sayen auduga, kuma kana iya kai hannu ga littattafan, ɗauki hanyar adadi ko da za ta ci maka mako guda. Layi ɗaya ko biyu masu tushe sun isa. Idan har yanzu kana wurin aikin, fara rubuta lambobin kowane wata a ɗan littafinka tun yanzu, ban da abin da yake sirrin maigida.

Idan ka bar wurin ba za ka iya komawa ba, ko wurin ya rufe, ko aikin ya ƙare da ƙarewar kuɗin shirin kamar yadda yake faruwa ga ma'aikatan ƙungiyoyi, hanya ta biyu ce taka. Zaɓi matsalar da wani tsohon abokin aiki ko shugaba zai iya shaidawa, kuma ka sanar da shi kafin ka ba da sunansa.

Direba, mai gadi, mai akwatin kuɗi da sakatariya su fara da hanya ta uku, su ƙara layi ɗaya na hanya ta biyu idan akwai abin da suka gyara. Wanda ya fito daga jami'ar Marwa, Ngaundere ko Njamena bai taɓa aiki ba, shi ma ta uku ce ta fi masa: a watannin sanin makamar aiki ko binciken kammala karatu, ya faɗi mutum nawa ya yi wa tambayoyi, a wane ƙauye, da abin da ya miƙa a ƙarshe.

Wanda matsalarsa harshe ce ko rashin kwamfuta, ya fara rubuta amsoshinsa da Hausa ko Fulatanci a takarda, da lambobinsa da labarinsa, sannan ya kai wa mai ba da shawara a FNE ko ONAPE, ko wani da ya taɓa zama cikin masu ɗaukar aiki, su taimaka wajen mayar da su Faransanci. Mai buga takardu ya zo a ƙarshe, aikinsa tsara shafi. Kafin ka aika, karanta kowane layi da ƙarfi a gaban wani, ka sa ya tambaye ka « ta yaya? » da « wa zai shaida? ». Layin da ka kasa amsawa a kansa cikin minti ɗaya, sauko da shi zuwa hanya ta uku ko ka cire shi.